Hayar shekara guda, bilan biyu: yadda ake raba ta ranar 31 ga Disamba

A kowace Janairu, idan 'yan kasuwar Damagaram suka fara kawo mini takardunsu don a haɗa bilan, takardar da ke nuna dukiya da bashi a ƙarshen shekara, akwai resi guda da nake fara nema kafin sauran, wato resin hayar mangaza ko ta butiki. Dalili shi ne masu gidaje a nan sun fi son a ba su kuɗin wata shida ko na shekara a dunƙule, kuma ba kasafai shekarar haya take farawa ranar 1 ga Janairu ba. Mutum yana kama wuri ne ranar da ya samu, ko a Zango ko a bakin Kasuwar Dole, ba ya jiran kalanda. Ita kuwa dokar lissafi ta OHADA, wadda Nijar take aiki da ita, ta ce shekarar lissafi ita ce shekarar kalanda, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba. Sai ka tarar da resi ɗaya ya raba ƙafa, rabinsa a bana, rabinsa a baɗi.

Bari in ɗauki misali guda in bi shi har ƙarshe. Zan rubuta kuɗin da sefa yadda ake rubutawa a takarda, ba da lissafin dala na baki ba. 'Yan uwa uku suna sarin shinkafa da sukari da man girki da jari ɗaya, kowa yana da kashi ɗaya cikin uku na riba. Ranar 1 ga Oktoba 2023 suka kama sabuwar mangaza, jaka 150 a wata. Mai gidan ya ce a biya shekara gaba ɗaya, 1,800,000, a ɗora kosiyon na wata biyu, 300,000, wanda zai mayar ranar da suka tashi idan ba su lalata masa gini ba. Suka ƙirga masa 2,100,000 daga kes. Yaron da ke riƙe musu littafi ya zuba adadin duka a asusun haya, ya wuce.

Gyara na farko ba shi da alaƙa da ƙarshen shekara, amma idan ba a yi shi ba duk abin da zai biyo baya zai karkace. Kosiyon ba haya ba ne. Kuɗinsu ne da ke ajiye a hannun mai gida, kuma SYSCOHADA, tsarin asusu na OHADA, ya ba shi wurinsa a asusu 275, na ajiyar da aka bai wa wani a matsayin lamuni. Na sha ganin an raba 2,100,000 gida 12 an samu 175,000, an ce hayar wata ke nan, alhali kwantaragin ya ce 150,000. Rubutun ranar biya, idan an yi shi daidai, ga shi yadda yake fitowa a na'ura:

```
01/10/2023
D 6222 Locations de bâtiments             1 800 000
D 275  Dépôts et cautionnements versés      300 000
    C 571 Caisse                              2 100 000
```

Harafin `D` shi ne debi, `C` kuma kiredi. Har zuwa nan babu abin da ya shafi raba shekara. An rubuta abin da ya faru ne kawai: kuɗi sun fita daga kes.

Yanzu ga 31 ga Disamba 2023. Babban yayan, wanda kowa ke kira Alhaji, ya riga ya sa yara sun ƙirga buhunan da suka rage a mangaza, domin ya san shinkafar da ya saya a Disamba bai sayar ba ba asara ba ce, dukiya ce da ke kwance. Babu ɗan kasuwar da ake koya wa wannan. Abin da na ce masa shi ne: “Alhaji, ranka ya daɗe, wata goma sha biyu ka saya a hannun mai gidan nan kamar yadda ake sayen buhu goma sha biyu. Nawa aka ci, nawa suka rage?” Ya ƙirga da yatsu, Oktoba, Nuwamba, Disamba, ya ce uku aka ci, tara na nan. To gyaran da ake magana bai wuce wannan ba. Wata uku sau 150,000 ya ba da 450,000, shi ne hayar 2023. Wata tara sau 150,000 ya ba da 1,350,000, shi ne abin da aka biya amma ba a zauna ba tukuna, kuma na 2024 ne.

Ayar doka ta 59 a dokar lissafin OHADA, wadda aka sabunta a 2017 kuma ta fara aiki a Janairun 2018, ita ce tushen wannan. Ma'anarta ita ce sakamakon kowace shekara ya tsaya da ƙafarsa, ba ya jingina da na shekarar da ta wuce ko wadda ke zuwa, a ɗora masa abin da ya shafe shi duka, kuma abin da ya shafe shi kaɗai. Ranar da kuɗi suka fita ba ita ce ma'auni ba. Ma'aunin shi ne lokacin da aka amfana da ginin.

Don haka sai a cire wata taran nan daga asusun haya a ajiye su a asusu 476, wanda aka tanada don ɗawainiyar da aka rubuta kafin lokacinta ya yi:

```
31/12/2023
D 476  Charges constatées d'avance   1 350 000
    C 6222 Locations de bâtiments        1 350 000
```

A lura babu kes a cikin wannan rubutu, babu banki. Ko dala ɗaya ba ta motsa ba, shi ya sa ake sa shi a littafin `OD`, na rubuce-rubucen da ba saye ba ne, ba sayarwa ba, ba shige da ficen kuɗi ba. Bayan an yi shi, asusu 6222 ya rage da 450,000, shi zai shiga lissafin riba da asara. Asusu 476 kuma ya hau bilan a ɓangaren dukiya, cikin layin sauran abubuwan da ake bin mutane. Mutane sukan yi mamakin wannan, su ce ai mai gida ba zai mayar da kuɗin ba, ta yaya ya zama bashi a kansa? Bashi ne, sai dai ba na kuɗi ba. Ana bin sa zaman wata tara a cikin mangazarsa, kuma wannan zama yana da daraja, tunda da ba a biya ba da sai an fitar da jaka 150 kowane wata.

Kuskure mafi sauƙin yi a nan shi ne juya adadin. Sabon kontabul yakan lissafa 450,000, ya ga shi ne na bana, sai ya sa shi a 476. Ya ajiye abin da aka ci, ya cinye abin da ya rage. Hanyar kama shi ɗaya ce: bayan gyara, a duba abin da ya saura a 6222, a raba shi da hayar wata. Dole amsar ta zama yawan watannin da aka zauna a cikin shekarar. Idan aka samu 9 alhali an shiga mangazar a Oktoba, an juya.

Me ya sa nake matsa wa mutane a kan wannan? Ga abin da zai faru da 'yan uwan nan. A ce ribarsu ta 2023, bayan an cire komai sai hayar wannan mangaza, 6,000,000 ce. Idan aka ɗora wa shekarar 1,800,000 duka, riba ta zama 4,200,000, kowa ya tashi da 1,400,000. Idan aka ɗora mata nata kawai, riba ta zama 5,550,000, kowa ya tashi da 1,850,000. Muddin su ukun suna tare har abada, abin da ya ɓace a 2023 zai dawo musu wata shekara, babu wanda ya cuci wani. Amma ƙaraminsu ya riga ya faɗa cewa daga Janairu zai ware ya buɗe nasa a Magarya. Idan aka sallame shi a kan lissafin farko, ya bar 450,000 a baya, ya biya wa yayyensa kashi ɗaya cikin uku na hayar watannin da ba zai sayar da ko kwano ɗaya a mangazar ba. Babu wanda ya yi niyyar cin haƙƙinsa, kuma shi kansa ba zai gane ba, domin resin na gaskiya ne, kuɗin kuma sun fita da gaske. Irin wannan ne ke ɓata mini rai a aikin nan, haƙƙin mutum ya salwanta a tsakanin mutanen kirki saboda layi biyu da ba a rubuta ba. Haka abin yake idan mutuwa ta zo aka tashi raba gado, ko mai jari da mai juya masa kuɗi suka zo rabon ƙarshen shekara.

Ta fuskar lampo ma akwai magana. A shekarun wannan misali, harajin riba a Nijar kashi 30 cikin 100 ne, don haka rage riba da 1,350,000 yana rage haraji da 405,000 a takardar 2023. Wasu na ganin dabara ce. Ni ban ga dabara ba, domin kuɗin ba yafe su aka yi ba, an tura su gaba ne kawai, kuma ma'aikacin lampo da ya ɗora kwantaragin haya kusa da asusu 6222 zai gani cikin minti biyu cewa an rubuta hayar shekara a kan zaman wata uku. Zai mayar da adadin cikin riba, ya ɗora tara a kai.

Rabin aikin ke nan. Sauran rabin, wanda aka fi mantawa da shi, yana zuwa ne a ranar farko ta sabuwar shekara. Abin da aka ajiye a 476 ba zai zauna can ba. Da shigowar 2024 ya zama hayar shekarar da ake ciki, sai a juya rubutun, abin da na'urorin lissafi ke kira `extourne`:

```
01/01/2024
D 6222 Locations de bâtiments        1 350 000
    C 476 Charges constatées d'avance    1 350 000
```

Asusu 476 ya koma sifili, kuma 2024 ta ɗauki wata taranta ba tare da an fitar da kuɗi ba. Wanda ke fitar da lissafi kowane wata, kamar mai nuna wa banki ko wanda ya ba shi jari, yana iya ƙin juyawa gaba ɗaya, ya riƙa ɗebo 150,000 daga 476 zuwa 6222 a ƙarshen kowane wata har Satumba. Sakamakon shekara ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne Janairu ba za ta fito da nauyin wata tara ita kaɗai ba. Ga mai yin bilan sau ɗaya a shekara, juyawa a ranar farko ta fi, don ba ta barin abin da za a tuna daga baya.

Mu ci gaba da bin mangazar, domin a shekara ta biyu ne kurakurai ke bayyana. Ranar 1 ga Oktoba 2024 mai gida ya ƙara haya zuwa jaka 180, aka biya shi 2,160,000 na wata shekarar. A 31 ga Disamba 2024 an ci wata uku, 540,000, wata tara sun rage, 1,620,000, su za su shiga 476. Hayar 2024 gaba ɗaya ita ce wata tara a tsohon farashi da wata uku a sabo, 1,350,000 da 540,000, jimla 1,890,000. Ana iya samun wannan adadi da alƙalami a bayan ambulan ba tare da an buɗe littafi ba, kuma shi ne abin da ya kamata a tarar a 6222.

To a ce an manta da juyawar Janairu, wata ƙila saboda an canza kontabul a tsakani, wanda ya zo bai ga aikin wanda ya tafi ba. Asusu 6222 zai nuna 540,000 kacal, hayar wata uku a shekarar da aka zauna wata goma sha biyu. Riba ta kumbura da 1,350,000 na ƙarya, a raba ta, a biya lampo a kanta. Shi kuwa 476 zai nuna 2,970,000, tsoho da sabo a haɗe. Wannan adadi shi kansa yana tona asiri, domin hayar da aka biya gaba ba za ta taɓa fin abin da aka miƙa wa mai gida a biya na ƙarshe ba, kuma 2,160,000 aka miƙa. Duk bilan da na karɓa daga hannun wani, idan na ga 476 yana girma shekara bayan shekara alhali mangaza ɗaya ce, na san akwai tsofaffin watanni da aka riga aka zauna suna kwance a ciki ana kiran su dukiya.

Akwai masu cewa, tunda kowace shekara ana biyan shekara guda, me zai hana a bar biyan kowace Oktoba ya zama hayar shekarar, a huta? Idan farashi bai canza ba, shekarun tsakiya za su fito daidai, wannan gaskiya ne. Amma shekarar farko ta ɗauki wata goma sha biyu a kan zaman uku, shekarar tashi za ta fito babu haya ko kaɗan a kan zaman wata tara, kuma duk shekarar da aka yi ƙari sai ta karkace. A misalinmu 2024 za ta ɗauki 2,160,000 maimakon 1,890,000, ƙarin 270,000 da ba nata ba. Kuma a duk tsawon lokacin bilan yana ɓoye dukiyar da ta haura miliyan.

Batun ƙirga kwanaki ba ya bukatar dogon bayani. Da a ce hayar ta fara 16 ga Oktoba 2023, mai ƙirga wata zai ce wata biyu da rabi, 375,000. Mai ƙirga kwana zai ce 77 cikin 366, tunda Fabrairun 2024 kwana 29 ne, ya samu 378,689. Tazarar ba ta kai jaka huɗu ba, kowace hanya aka bi ta yi, in dai ita za a riƙa bi kowace shekara. Abin da ya fi wannan wahala a garinmu shi ne hayar da aka ƙulla da baki. Sai ka tambayi maigida yaushe shekarar ke ƙarewa, ya ce daga Babbar Sallah zuwa Babbar Sallah. Shekarar wata ta gaza ta kalanda da kwana 11 ko kusa da haka, don haka iyakar tana matsowa kowace shekara, kuma resin da mai gida ya rubuta yakan ce “na karɓi kuɗin haya” da adadi da sa hannu, babu daga yaushe zuwa yaushe. Ba a raba abin da ba a san farkonsa da ƙarshensa ba. Kafin in taɓa 476 nakan roƙi a koma wurin mai gidan ya ƙara layi ɗaya a resin, ranar farawa da ranar ƙarewa da kwanan watan kalanda. Ranar da aka biya ba ta wadatar ba, domin ana iya biya a Disamba don hayar da za ta fara a Janairu, wadda ko kwana ɗaya nata bai shafi shekarar da ake rufewa ba.

Idan mai gidan shi ma yana riƙe da cikakken lissafi, nasa madubin wannan ne. Wata taran da ya karɓa bai riga ya ba da zamansu ba yana cire su daga kuɗin shigarsa ya ajiye a 477, a ɓangaren abin da ake bin sa. Adadin da ke 476 na ɗan haya da wanda ke 477 na mai gida ya kamata su zo ɗaya. Ƙananan 'yan kasuwa kuma, waɗanda cinikinsu na shekara bai kai miliyan 60 ba a saye da sayarwa, ko 40 a sana'ar hannu, ko 30 a aikin hidima, doka ta ba su damar bin ƙaramin tsari da ya dogara da shigar kuɗi da fitarsu. Duk da haka, mai butikin da ke juya kuɗin wani, ko yana cikin wannan rukuni, ina ba shi shawara ya ƙirga watannin da suka rage kafin a zauna rabo, ko da a gefen littafi ne.

Abu na ƙarshe da nake tambaya kafin in sa hannu shi ne ko har yanzu ana cikin mangazar. Asusu 476 yana da daraja ne kawai idan za a ci moriyar watannin da ke cikinsa. A ce 'yan uwan nan sun kwashe kayansu a Disamba 2023 saboda wurin bai karɓe su ba, suka mayar da makulli, kwantaragin kuma ya ce abin da aka biya ba ya dawowa. A nan babu wata tara da suka rage, an yi asararsu, kuma asarar ta 2023 ce tunda a cikinta aka yanke shawarar tashi. Ba a rubuta komai a 476, 1,800,000 duka ya zauna a kan shekarar. Idan kuwa mai gidan ya amince a rubuce zai mayar da rabin kuɗin wata taran da suka rage, to 675,000 ya zama bashin kuɗi na sosai a kansa, a rubuta shi da sunansa a asusun waɗanda ake bi, sauran 675,000 ya bi hayar wata ukun da aka zauna cikin ɗawainiyar 2023. Kosiyon ɗin 300,000 yana nan a 275 har ranar da mai gida ya zagaya ginin, ya duba ƙofa da rufi, ya faɗi nawa zai cire na gyara. Abin da ya cire ne kaɗai ke zama ɗawainiya, sauran ya koma kes.